Lissafin Ranakun Mako A Kan Gaɓoɓin Yatsu

Sau da yawa akan miƙa wa mutum takarda mai ɗauke da kwanan wata, ko ta bashi, ko ta cinikin gida, ko ta shaidar haihuwa, sai ya so ya san wace rana ce wannan a cikin mako, amma kalandar shekarar ta daɗe da yagewa, ko kuwa ba a ma buga ta ba tukuna. To, akwai lissafi mai sauƙi wanda ke fitar da ranar, kuma ba ya bukatar komai sai tafin hannu da iya tarawa. Tun da fari dai a sani, wannan ba duba ba ne, ba kuma bugun ƙasa ba. Ƙidaya ce tsantsa, irin wadda ɗan kasuwa ke yi kullum a bakin rumfarsa. Kuma da watannin Bature take aiki, watau Janairu zuwa Disamba.

Mu Hausawa mun sami rangwame tun daga sunayen ranakun kansu, domin lambobi ne na Larabci muka ara. Lahadi ɗaya ce, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar. Juma'a da Asabar sunansu ba na ƙidaya ba ne, amma su ne na shida da na bakwai. A cikin wannan lissafi duk inda bakwai ta cika zubar da ita ake yi, tun da kwana bakwai kan komo da mutum ranar da ya tashi, saboda haka Asabar sifiri za mu kira ta. Wanda ya san wannan ya riga ya san yadda zai karanta amsarsa.

Sai kuma watanni. Buɗe hannunka na hagu, ka bar babban yatsa ya zama mai nuni, kamar yadda ake yi wajen ƙirga tasbihi. Sauran yatsu huɗu kowanne yana da gaɓa uku, ga gaɓa goma sha biyu ke nan, daidai da yawan watanni. Kowace gaɓa za ka ɗora mata wata ɗaya da lamba ɗaya. A kan manuniya, Janairu 1, Fabrairu 4, Maris 4. A kan yatsan tsakiya, Afrilu 0, Mayu 2, Yuni 5. A kan mai bi masa, Yuli 0, Agusta 3, Satumba 6. A kan ƙaramin yatsa, Oktoba 1, Nuwamba 4, Disamba 6. Idan aka karanta su yatsa-yatsa sai su zama 144, 025, 036, 146, kuma wannan ita ce haddar da ke cikin aikin gaba ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka an tsinto lambobin nan ne haka kawai. Janairu kwana 31 gare shi, watau mako huɗu da rarar kwana uku, don haka Fabrairu yakan kama ne kwana uku gaba da ranar da Janairu ya kama: 1 da 3 sun ba da 4. Fabrairu kwana 28 ne, mako huɗu cif, babu rara, shi ya sa Maris ya gaji lambarsa. Maris ya ƙara uku, 4 da 3 bakwai, aka zubar, Afrilu ya tashi da sifiri. Haka abin yake tafiya har Disamba, wata mai kwana 31 ya ƙara uku, mai 30 ya ƙara biyu. Amfanin sanin haka shi ne, ranar da wata lamba ta kuɓuce maka, kana iya sake gina ta daga ta watan da ya gabace ta.

Yanzu ga aikin. Abu huɗu za ka tara: kwanan watan, da lambar watan daga yatsanka, da lambobi biyu na ƙarshen shekarar, da kuma rubu'in waɗannan lambobi biyu, ba tare da kula da abin da ya yi saura ba. Idan ka tara, sai ka yi ta zubar da bakwai-bakwai har abin da ya rage ya kasa bakwai. Wannan ragowar ita ce ranarka. Dalilin sa shekara a ciki kuwa, kwana 365 mako 52 ne da kwana ɗaya, saboda haka kowace shekara tana tura ranaku gaba da kwana ɗaya. Rubu'in nan kuma shi ne ƙirgar shekarun da Fabrairu ya yi kwana 29, waɗanda masu hisabi ke kira kabisa, domin kowaccensu ta ƙara tura kwana ɗaya.

Bari mu gwada da ranar da kowa ya sani, 1 ga Oktoba, 1960, ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai. Kwanan wata 1. Oktoba tana gaɓar farko ta ƙaramin yatsa, lambarta 1. Shekara 60, rubu'inta 15. Jimla 77. Bakwai sau goma sha ɗaya ke nan, babu ragowa, watau sifiri, watau Asabar. Kuma lalle ran Asabar aka yi bikin.

Akwai wurin da ƙafar mutane ke yawan zamewa. Idan shekarar kabisa ce, kuma kwanan watan ya faɗo a Janairu ko Fabrairu, wajibi ne a ɗebe ɗaya daga jimlar, domin rubu'in ya riga ya ƙirga ranar 29 ga Fabrairu alhali ba a kai gare ta ba. Dubi 13 ga Fabrairu, 1976, ranar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a Ikko. Mu tara 13 da 4 da 76 da 19, mu sami 112. Wanda ya yi gaggawa zai ga 112 ta rabu da bakwai daidai, ya ce Asabar, ya kuwa yi kuskure. Shekarar 1976 tana rabuwa gida huɗu ba saura, kabisa ce, sai a ɗebe ɗaya, saura 111. A zubar da 105, saura 6. Juma'a ke nan, kamar yadda duk wanda ya ga wannan rana zai shaida. Kuskure na biyu shi ne rikita rabo biyun: wajen fitar da rubu'i saura ake yarwa, wajen zubar da bakwai kuwa sauran ake riƙewa.

Duk abin da muka yi a sama na shekarun 1900 zuwa 1999 ne. Ga sauran ƙarnoni sai a ƙara lamba guda a kan jimlar: 6 ga shekarun 2000 zuwa 2099, 2 ga shekarun 1800 zuwa 1899, 4 ga shekarun 1700 zuwa 1799, haka kuma 4 ga na 2100, domin kalandar tana maimaita kanta duk shekara 400. A kula, shekarar da ta cika ɗari ba ta zama kabisa sai ta rabu da 400, don haka 2000 kabisa ce, 1900 kuwa ba ita ba ce. A ce ɗan kasuwa ya ba da hayar rumfa, wa'adi zai cika 1 ga Maris, 2030. Ya tara 1 da 4 da 30 da 7, ya ƙara 6 ta ƙarni, ya sami 48. Ya zubar da 42, saura 6. Tun yau ya san ran Juma'a ce, in Allah ya kai mu, sai ya shirya a yi ƙulla da warwara da hantsi kafin a tafi masallaci.

Inda na fi ganin amfanin wannan lissafi shi ne wajen takardun haihuwa, musamman ga ma'aikatan gwamnati, waɗanda ƙa'idar aiki ta ce su yi ritaya in sun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 suna aiki. Mu ɗauka ga ma'aikaci, takardar makarantarsa ta ce an haife shi 12 ga Yuni, 1969, takardar rantsuwar shekaru kuwa ta ce 12 ga Yuni, 1967. Shekara biyu na aiki da albashi suna rataye a tsakanin takardun nan. A gida kuwa tun yana jariri Ɗanlami ake ce masa, sunan da ake ba wanda aka haifa ran Alhamis. Mu gwada ta farko: 12 da 5 da 69 da 17 sun ba da 103, a zubar da 98, saura 5, Alhamis. Ta biyu: 12 da 5 da 67 da 16 sun ba da 100, saura 2, Litinin. Sunan ya goyi bayan takardar makaranta. Haka za a iya yi wa Ladi da Talatu da Balarabe da Jummai da Asabe.

Amma fa a yi hattara, wannan alama ce, ba hujjar yanke hukunci ba. Ranakun bakwai ne kacal, kwanan wata na ƙarya ma yana iya dacewa da sunan sau ɗaya cikin bakwai. Wani kuma sunan kakansa ya ci, ba na ranar haihuwarsa ba. Sa'an nan ga batun dare. A wurinmu rana tana kamawa ne daga faɗuwar rana, dare yana gaba da yini, a kalandar Bature kuwa sai sha biyun dare take juyawa. Yarinyar da aka haifa bayan sallar lisha ran Alhamis, a gida za a ce daren Juma'a ta zo, a kira ta Jummai, malamin asibiti kuwa ya rubuta kwanan watan Alhamis. In lissafi ya saɓa wa suna da kwana ɗaya tak ta wannan fuska, a tambayi tsofaffi ko da dare aka haihu kafin a tuhumi takarda.

Lissafin yana da iyaka ta baya. Kalandar da muke aiki da ita Paparoma Gregory na 13 ne ya gyara ta a shekarar 1582, aka tsallake kwana goma, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15 ga wata. Ingila ba ta bi ba sai 1752, inda aka tashi daga Laraba 2 ga Satumba zuwa Alhamis 14. Kwanan watan da aka rubuta bisa tsohuwar kalanda ba zai fito daidai da waɗannan lambobi ba.

Game da watanninmu na Hijira kuwa, ba a ɗora su a kan gaɓoɓin nan, domin kamawarsu da ganin jinjirin wata take, yau 29 gobe 30, kuma wannan lissafi ba zai gaya wa kowa ranar ɗaukar azumi ko ranar Salla ba. Sai dai yana yi musu wata hidima. Jadawalin da ake juya Hijira zuwa Miladiyya da shi sau da yawa yakan saɓa wa ganin wata da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Malamanmu na dā kuwa sun saba rubuta ranar mako tare da kwanan wata a wasiƙu da ƙarshen littattafai. Idan wasiƙa ta ce Laraba, jadawali ya ba ka kwanan watan Bature, ka ɗora shi a yatsu ya fito Talata, to ka matsa gaba da kwana ɗaya, ka riƙi Larabar da mai wasiƙar ya rubuta da hannunsa.