Wasiƙar da ta sauya lokacin tashi

Ƙarfe ɗaya da rabi ake kaɗa ƙararrawar tashi a firamaren unguwar. Ƙofa ɗaya ce, don haka 'yan aji ɗaya da ƙartin aji shida tare suke fitowa, kowa ya kama lungunsa. Malamai su hau babura su watse. Daga bakin ƙofa zuwa gida, yaro sai ta kansa.

A nan wasiƙar wani tela ta samo asali. Ya rubuta ta a takardar da ya yago daga tsakiyar littafin awon ɗinki, ya kai wa hedimasta da hannunsa.

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ɗana yana aji biyu, shekararsa bakwai. Sau uku cikin mako biyu wasu yara uku 'yan aji shida suna tare shi a lungun bayan injin niƙa. Ranar Litinin sun ƙwace masa ragowar kuɗin tara. Ranar Alhamis sun jefa takalminsa a kwata. Talatar nan sun yaga masa aljihu, suka ce in ya faɗa sai sun fasa masa baki. Mai awarar bakin lungun ta gani, ta kuma yarda a tambaye ta. Ban je gidajensu ba don kada abin ya zama faɗan manya. Ina roƙon a duba kafin Juma'a."

Yaron bai taɓa kai ƙara ba. Mahaifiyarsa ce ta lura kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo, amma Asabar da Lahadi garau yake. Ga shi ya koma zagayawa ta bakin titi, yana isowa gida a makare, har fitsarin kwance ya dawo masa.

Hedimastan ya ce iyaye da yawa kan zo da faɗa, "an daki ɗana," ba rana, ba wuri, ba shaida. Wannan takardar kuwa ta ba shi abin kamawa. Wani malami ya ce abin da ya faru a waje ba ruwan makaranta. Hedimasta ya ce, "Malam, ai da rigarmu a jikinsu suka yi."

Bai zane su a gaban asambuli ba, don ya san a kan yaron za su huce a lungu. Ya ji ta bakin mai awara, sannan ya kira iyayen ukun ofis tare da mai unguwa, aka biya kuɗin takalmi. Ya kuma sa 'yan aji ɗaya zuwa uku su riƙa tashi minti goma sha biyar kafin manya.

Yanzu sau biyu ake kaɗa ƙararrawa. Kafin ta biyu ta yi ƙara, ɗan telan ya riga ya wuce injin niƙa.