Ramin Haƙori Ke Zaɓen Cikonsa

Idan likitan haƙori ya gama dubawa ya ce za a yi ciko, yawancinmu abu biyu muke tambaya: nawa ne, kuma fari ne ko baƙi? Shi kuwa likitan wani lissafi yake yi a ransa. Yana duba inda ramin yake, da nauyin taunar da wurin ke ɗauka, da ko zai iya hana yawu shiga wurin har ya gama aiki. Waɗannan su ke yanke hukunci tsakanin kayan ciko uku da aka fi amfani da su: amalgam da ake kira cikon azurfa, da kwamfozit mai kalar haƙori, da simintin gilas ayonoma. Babu wanda ya fi sauran a ko'ina, kuma bakin mutum ɗaya yana iya buƙatar dukkan ukun.

A ɗauka wata mata ce mai shekara 35 ta zo da ramuka uku. Na farko a turmin ƙasa yake, ya ci saman haƙorin ya gangara gefen da ke jingine da maƙwabcinsa, nama na maƙalewa kullum. Na biyu a haƙorin gaba na sama, baƙin tabo da ake gani in ta yi murmushi. Na uku wata 'yar kwarmi ce a wuyan fiƙa, daidai bakin dasashi, mai tsami in ta sha ruwan sanyi. Ga kuma ɗanta mai shekara 5 da rami ya kama turminsa na nono, ba ya yarda ya zauna minti biyar a kujera.

Haƙorin gaba ba shi da gardama, kwamfozit ne. Ba wanda zai yarda a sa masa baƙin ƙarfe a inda kowa ke gani, kuma tauna ba ta yi wa wurin nauyi sosai. Sai dai ta sani cewa kwamfozit yana rinewa, musamman a gefensa, in mutum ma'abocin goro ne ko shayi ko taba. Sau da yawa gogewa kawai likita zai yi ya dawo da haskensa.

Turmin ƙasa shi ne inda maganar take da tsawo. Amalgam ya haura shekara 150 ana amfani da shi. Kusan rabin nauyinsa zaiba ce, sauran kuma garin azurfa da kuza da tagulla. Ana kwaɓa shi ya yi laushi, a danna shi cikin ramin, ya daskare a can, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai bayan kamar yini guda, shi ya sa ake hana mutum tauna a ɓangaren ranar. Yana jure tauna ƙwarai, kuma ko ɗan danshi ya shiga lokacin aiki ba ya lalacewa nan da nan. An saba ba shi shekara 10 zuwa 15, akwai kuwa masu yawo da nasu fiye da shekara 20. Aibinsa shi ne ba ya mannewa da haƙori. Dole likita ya sassaƙa ramin ya zama cikinsa ya fi bakinsa faɗi, yadda cikon ba zai iya fitowa ba, kuma wannan kan ci wani ɓangare na lafiyayyen haƙori.

Kwamfozit kuwa mannewa yake yi, don haka ruɓaɓɓen wurin kawai ake cirewa. Roba ce da aka cakuɗa da garin gilas mai laushi. Amma aikinsa mataki-mataki ne, kuma kowane mataki yana iya ɓaci. Ana shafa asid a haƙorin na kamar daƙiƙa 15 zuwa 30 don ya yi kaushi, a wanke, a busar, a shafa ruwan manni, a haska masa shuɗin haske. Sannan a riƙa sa cikon kaɗan-kaɗan, kaurin kowane zubi bai wuce milimita 2 ba a irin wanda aka saba, ana haska kowanne na daƙiƙa 20 zuwa 40. Dalilin wannan jan lokaci biyu ne. Hasken ba ya ratsa abu mai kauri, don haka in aka cusa shi gaba ɗaya, sama zai yi tauri ƙasa na nan ɗanye. Na biyu, kwamfozit yana ɗan tsukewa yayin daskarewa, kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma in tsukewar ta zo lokaci ɗaya sai ta janye shi daga bangon ramin, ta bar 'yar kafa da ido ba ya gani amma ƙwayoyin cuta suna shiga.

Babban abokin gabarsa yawu ne. Ɗigon yawu ko jini daga dasashi ya taɓa wurin bayan an shafa asid, mannin ya raunana ke nan, ko da cikon ya fito kyakkyawa a ido. Shi ya sa ƙwararru ke shimfiɗa wata roba mai huda a baki, haƙorin kaɗai ya leƙo ta ciki, ko aƙalla a tare da auduga da na'urar zuƙe yawu. Turmin ƙasa kuwa a tafkin yawu yake zaune, ga harshe na kai-komo.

Wanne ne ya fi daɗewa a turmi? An yi wani bincike a birnin Lisbon na Fotugal kan yara 507, aka bi su shekara 7. Cikon amalgam da ya rage lafiya ya kai kusan kashi 94 cikin ɗari, na kwamfozit kusan kashi 86, kuma babban abin da ya kayar da kwamfozit shi ne sabuwar ruɓa a gefen cikon. Tazarar ta fi fitowa a manyan ramuka. Kayan kwamfozit sun inganta tun daga lokacin, kuma a hannun gwani, a bakin mai kula da tsafta, yana haura shekara 10. Duk da haka darasin bai canja ba: a ƙaramin ramin saman turmi, kwamfozit ya wadatar, amma in ramin ya yi girma, ya nutse ƙarƙashin dasashi, mai haƙorin kuma ba ya rabuwa da zaƙi, amalgam ya fi yafiya.

Ga matar nan, in gefen ramin bai gangara ƙasan dasashi ba kuma asibitin na da kayan busarwa da wuta tsayayya, ni kwamfozit zan ce ta karɓa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, farin cikon da zai fita bayan shekara biyu ba riba ba ne, don duk lokacin da aka sake ciko ramin ƙara faɗi yake yi.

A nan ne ma ya kamata a yi lissafin kuɗi. Farashi ya bambanta daga asibitin gwamnati zuwa na kuɗi, amma a galibi kwamfozit ya fi amalgam tsada, saboda kayansa sun fi yawa kuma yana cin lokacin likita. Abin dubawa shi ne kuɗin a raba shi da shekarun da cikon zai yi, a haɗa da kuɗin mota da wunin da za a rasa in an koma.

Maganar zaiba fa? Binciken na Lisbon, da wani makamancinsa a Amurka, ba su ga illa ga ƙwaƙwalwar yaran da aka yi wa amalgam ba. Abin da ya fi tayar da hankalin duniya shi ne zaibar da ke zuba a muhalli. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Najeriya da Nijar suke ciki, ta nemi a rage amfani da amalgam, kuma a 2022 aka ƙara cewa a kauce masa a haƙoran nono, da yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu ciki da masu shayarwa. Tarayyar Turai ta hana shi daga farkon 2025, sai in lalura ta tilasta. Don haka da matar nan na da juna biyu, an cire amalgam daga lissafi. Wanda kuma yake da tsohon cikon azurfa lafiyayye kada ya je a cire masa don tsoro, domin lokacin sawa da lokacin cirewa ne tururin zaibar ya fi fita, ga asarar haƙori a banza.

Saura kwarmin wuyan fiƙa da turmin yaro, kuma nan ne fagen gilas ayonoma. An fito da shi a Landan a farkon shekarun 1970. Garin gilas ne da ruwan asid mai sauƙi, ana kwaɓa su, shi da kansa yake kama jikin haƙori ba tare da ruwan manni ba, kuma irin na asali ba ya buƙatar haske. Yana jure ɗan danshi, yana kuma sakin sinadarin fuloraid a hankali, wanda ke taimaka wa gefen ramin ya tsaya wa ruɓa. Rauninsa shi ne bai kai sauran biyun ƙarfi ba. Yana zaizayewa, yana tsagewa in an sa shi a babban ramin da ake tauna a kai. A wuyan haƙori kuwa babu tauna, akwai danshi, to ya dace. Irin wannan kwarmi sau da yawa ba tsutsa ba ce, dirzar buroshi mai tauri ko aswaki da ƙarfi ce, kuma in ba a sauya hannu ba cikon ma zai cinye.

Shi kuwa yaron, haƙorin nan faɗuwa zai yi in ya kai wajen shekara 10 zuwa 12, ba a neman cikon shekara 20. Akwai dabarar da aka fara a Tanzaniya a tsakiyar shekarun 1980: a kankare ruɓar da ƙananan kayan hannu, ba injin huda, sau da yawa ba allura, a cika da gilas ayonoma mai kauri, a danna da yatsa mai safar hannu da aka shafa wa basilin. Ana iya yin ta a asibitin karkara da ba wuta. Tana riƙewa sosai in ramin fuska ɗaya ya ci, amma in ya haɗa da gefe sai a riƙa dubawa, don ya fi saurin fita. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti cikin jerin muhimman magunguna.

Kowane iri aka sa, tsamin kwana kaɗan bayan ciko ba abin damuwa ba ne. Amma in ka haɗe baki ka ji cikon ne ke fara taɓawa, ya yi tudu, ka koma a rage shi, aikin minti kaɗan ne. In tsamin ya wuce mako biyu zuwa uku yana ƙaruwa, ko abinci ya koma maƙalewa, ko harshe na jin kaifi a gefen cikon, alama ce ya buɗe. Ciwon da ke tashin mutum da dare ba tare da ya ci komai ba, ko kumburin dasashi, yana nufin ruɓar ta kai jijiya, kuma a nan babu ɗaya daga cikin ukun da zai yi magani shi kaɗai, sai an wanke jijiyar ko an cire haƙorin. Haka in ruɓa ta cinye mafi yawan haƙori, hula ake sa masa.

Kafin ka buɗe baki a kujerar, tambayi likita wane irin ciko zai sa, me ya sa shi ya zaɓa a wannan ramin, kuma in kwamfozit ne, yaya zai tare yawu.