Ta'aziyya Ga Abokin Aiki Ta Waya

Mahaifiyar abokin aikinka ta rasu, kana nesa, ba ka samu jana'iza ba. Kada ka jira sai sadakar uku. Tura saƙo ranar da ka ji.

Gajere ya isa: "Malam, yanzu na samu labarin rasuwar Hajiya. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙurin rashi. Kada ka damu da ofis, aikinka yana hannuna."

Alkawarin ƙarshen nan shi ke sauke masa nauyi, amma fa in za ka cika. Dogon rubutu mai kama da takardar gwamnati, ko wanda aka kwafo daga wani, ana gane shi nan take. Kada ka tambayi me ya kashe ta. In ka dawo gari, taka har gida ka yi gaisuwa.