Dubu Ɗari Da Hamsin: Nawa Ke Nan A Bakin Na'urar Banki?

Duk wanda ya taɓa kiran layin taimako na banki ya san muryar nan da ke cewa "domin Hausa, a danna kaza". A da ina ɗauka wani ne kawai aka miƙa wa takardar Turanci ya fassara, aka ɗauki muryarsa, shi ke nan. Sai da na je aikin sanin makama na wata huɗu a wani kamfani da ke haɗa wa bankuna irin wannan tsari, aka kuma ɗora mini ɓangaren Hausa don ni kaɗai ne Bahaushe a ofishin, sannan na gane ba haka abin yake ba.

Ba da Turanci ake fara aikin ba, da jadawali ake farawa. Kowane saƙo yana da layinsa: lambar saƙon, abin da mai kira yake so, maɓallin da zai danna, da abin da na'ura za ta aikata in ya danna. Bayan nan ne ake buɗe wa kowane harshe gurbinsa, Turanci, Hausa, Yarbanci, Ibo da Burokin. Dalili shi ne na'urar ba ta jin kowane yare. Sautin maɓalli kawai take ganewa, don kowane maɓalli yana aika sauti biyu a haɗe waɗanda suka bambanta shi da sauran. Saboda haka in 1 ce ke dakatar da kati a Turanci, dole 1 ɗin ce a Hausa. Mai fassara ba shi da ikon sauya jerin don jimlarsa ta yi daɗin ji.

Tarkon farko da na faɗa shi ne kalmar "rufe". Layin yana magana ne kan wanda aka sace wa kati ko waya, yana son a tsayar da fitar kuɗi nan take. Na rubuta: "Domin rufe asusunka, danna 2." Da na zo hutun ƙarshen mako gida Birnin Kudu, na karanta wa kawuna, wanda ke cin kasuwar Sara ta Gwaram da harkar hatsi, na tambaye shi me zai faru in ya danna. Ya ce, "Ai rabuwa da bankin ke nan, ɗana. To kuɗina fa, ina za su kai mini?" Na ce in an sace wayarsa zai danna? Ya ce Allah ya kiyaye.

Ka ga matsalar. A wurin banki, dakatar da asusu daban, rufe shi gaba ɗaya daban. Na farko na wucin gadi ne, kuɗi na nan, fita ce kawai aka hana. Mutumin da ya ji "rufe" ya tsorata ya kashe kiran, ɓarawo ya samu ƙarin lokaci. Abin da muka tsaya a kai shi ne: "Idan an sace waya ko kati, a danna 2 domin a dakatar da fitar kuɗi daga asusu. Kuɗin na nan, ba za a taɓa su ba." Ta fi ta Turancin tsawo kusan ninki biyu, shugabar sashenmu ma ta yi ƙorafi a kan haka, amma aikin da jimlar za ta sa mutum ya yi ne ake son ya zo ɗaya, ba tsawonta ba. A nan ne kuma na bar "asusunka" da "danna" na koma "a danna", tunda na'ura ba ta san ko mace ce ke kira ko namiji ba, ko kuma dattijo ne da bai kamata a yi masa magana gatsal ba.

Inda na fi shan wahala, kuma shi ya fi ba ni sha'awa, shi ne karanta kuɗi. Ba wanda zai zauna ya ɗauki muryar kowane adadi daga naira ɗaya har miliyoyi. Guntaye ake ɗauka, "naira", "dubu", "ɗari", "ashirin", "biyar", "da", sai manhaja ta riƙa jona su gwargwadon abin da ke cikin asusu. Manhajar da na tarar an gina ta ne a kan tsarin Turanci, inda adadi ke zuwa kafin dubu, naira kuma ta zo ƙarshe. Da muka zuba mata guntayen Hausa muka gwada ₦25,000, sai ta ce "ashirin biyar dubu naira". Wannan mai sauƙi ne, duk wanda ya ji zai san shirme ne. Aka juya jerin: naira a gaba, sai dubu, sai adadi. Aka kuma koya mata cewa daga 11 zuwa 19 "sha" ake sa wa, ba "da" ba.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda yake fitowa da Hausa mai kyau. Na sa aka gwada ₦150,000, na'ura ta ce "naira dubu ɗari da hamsin". Daidai. Sai na ce a gwada ₦100,050. Ta sake cewa "naira dubu ɗari da hamsin". Jimla ɗaya, amma tsakaninsu akwai ₦49,950. Turanci ba ya faɗawa wannan ramin, domin kalmar dubu tana tsayawa a tsakiya kamar shinge, abin da ke gabanta dubbai ne, abin da ke bayanta canji ne. A Hausa dubu tana gaba, komai yana biye da ita, ba a san inda dubbai suka ƙare ba. Bahaushe kuwa in ya ji "dubu ɗari da hamsin", babban adadin zai ɗauka. Ka ƙaddara ɗan kasuwa ya ji haka ya yi cinikin buhunan masara a kan kuɗin da ba shi da su. Haka ma ₦20,005 da ₦25,000.

Maganin ba daga littafi ya zo ba, daga bakin mutane ne. Mai POS in zai faɗa maka irin wannan adadi cewa yake "dubu ɗari da naira hamsin". Sai muka sa doka: in akwai dubbai, kuma abin da ya rage bayansu bai kai ɗari ba, a maimaita "naira" kafin a faɗe shi. In ragowar ta kai ɗari babu ruɗani, "dubu ashirin da ɗari biyar" kowa ya san ₦20,500 ce. Kwabo kuma kullum da sunansa yake zuwa a ƙarshe.

Lambar asusu mai lamba 10 da BVN mai lamba 11 ba kuɗi ba ne, don haka ɗaya bayan ɗaya ake karanta su, da ɗan numfashi bayan kowace uku ko huɗu. Mun yi gardama kan "sifili" da "ziro". Ni na so sifili, amma ziro aka ɗauka, don da ita mutane ke faɗa wa juna lambar waya.

Yadda ake gane an kuskure shi ne abin da na yi da kawuna, sai dai a tsare. A samo wanda bai taɓa ganin rubutun ba, a kunna masa ta waya ba ta lasifikar ofis ba, don layin waya yana cinye wasu sautuka. Kada a tambaye shi "ka gane?", domin kunya za ta sa ya ce e. A ce masa, "An sace katinka, me za ka danna?" ko "Rubuta adadin da ka ji." Ina kuma ba da shawara a sa a cikin masu gwajin wanda Hausa ba ita ce harshensa na farko ba. A yankinmu akwai Fulani da Warjawa da yawa da layin Hausa za su zaɓa tunda babu nasu a jerin, kuma kalma mai zurfi da za ta burge malamin Hausa tana iya tsayar da su. Shi ya sa a saƙon maraba muka haɗa biyun, "asusu, wato akawun", sau ɗaya tak, daga nan muka ci gaba da asusu har ƙarshen kiran.