Satifiket Ya Fito: Abin da Rajista Ke Ɗora wa Ƙungiyar 'Yan Kasuwa

Ranar da za a miƙa wa ƙungiyar gama kai ta 'yan kasuwa satifiket ɗin rajista, jami'in gama kai na yankin yakan tashi ya yi wa membobi jawabi. Yawanci hankali ba ya wurinsa. Ana jiran a ɗauki hoto, wasu kuma tunaninsu na kan rancen gwamnati da aka ce sai da rajista ake samu. To amma abin da ke cikin wannan jawabi shi ne zai raba gardama ranar da kuɗi suka taru, rai ya fara ɓaci.

Maganar da jami'in kan fara da ita ita ce: daga yau ƙungiya ta zama mutum mai zaman kansa a idon doka. Tana iya buɗe asusun banki da sunanta, ta sayi rumfa ko sito, ta ƙulla yarjejeniya, ta kai ƙara, a kuma kai ta. Ko duk waɗanda suka kafa ta sun rasu, tana nan. A adashi, amana a wuyan uwar adashi take, in ta gudu an shiga uku. A nan kuwa dukiya ta ƙungiya ce, shugaba da ma'aji masu riƙo ne kawai. Saboda haka in aka ga ana tura kuɗin wata-wata cikin asusun ma'aji na kansa, wai don ya fi sauƙi, an riga an kauce hanya, ko da shi mutumin kirki ne. Ranar da ya faɗi ya mutu, magadansa za su ga kuɗi da sunan mahaifinsu.

Wannan tsari ya daɗe a Najeriya. Dokar farko ta fito a 1935, bayan rahoton da wani Bature, Strickland, ya rubuta a 1934. Dokar tarayya da ake aiki da ita an kafa ta a 1993, jihohi kuma suna da nasu, kuma a ofishin Daraktan gama kai na jiha ake yi wa ƙungiyar kasuwa rajista. Mutum 10 ne mafi ƙaranci.

A ɗauki misalin 'yan hatsi 40 a kasuwar Dawanau ta Kano, da suka haɗa hannun jari na naira miliyan 5 don su riƙa sarin masara da gero da kaka. A cikinsu akwai Alhajin da zai iya zuba rabin kuɗin shi kaɗai. Doka ta hana: babu memban da zai riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarin, wato miliyan 1 a nan. Kuma ko ya cike wannan miliyan, ƙuri'arsa ɗaya ce a taro, daidai da ta mai awo da ya sa dubu 20. Manyan 'yan kasuwa ba su cika jin daɗin wannan ba, sukan ce ai mai abu da yawa shi ya fi asara in an faɗi. Da gaskiyarsu ta wani gefen, amma wanda yake son murya gwargwadon kuɗinsa, kamfani ya kamata ya buɗe. Haka kuma kundin ƙa'idojin da aka yi rajista da shi ya ɗaure kowa, har wanda bai taɓa karanta shi ba. In taro ya gyara wata ƙa'ida, gyaran ba ya aiki sai Darakta ya yi masa rajista.

Inda aka fi samun hayaniya shi ne ƙarshen shekara. A ce 'yan Dawanau sun sayar da hatsinsu da bazara, an cire kuɗin sito da dako da maganin ƙwari, rarar naira miliyan 2 ta rage. Lissafin baki zai ce kowa ya tashi da dubu 50. Ba haka ake yi ba. Da farko sai odita ya binciki littattafai, a kai sakamakon gaban babban taron shekara. Sannan a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu, wato dubu 500, a zuba a asusun ajiya na ko-ta-kwana, sai fa in Darakta ya sassauta. Ana iya ware har kashi 10 cikin 100 don ilmantar da membobi. Abin da ya saura, shi taro zai yanke yadda za a raba bisa ƙa'idojin ƙungiya: wani kaso gwargwadon hannun jari, wani gwargwadon cinikin da mutum ya yi da ƙungiya.

Wannan dubu 500 tana yi wa mutane ciwo, musamman in salla ta gabato. Sai dai duk wanda ya taɓa ajiye masara ya ga farashi ya karye kafin ya fitar, ya san amfaninta. Kuma ba a rabon ta ga mai fita, domin ta ƙungiya ce. Alamar ƙungiyar da ta fara ruɓewa ba ta da wuyar ganewa: ana rabon riba, amma an yi shekara biyu ba a kira babban taro ba, kuma in ka nemi ganin rahoton odita sai a ce ka raina manya. Tambayar haƙƙinka ce. Shugaban da bincike ya nuna ya karkatar da kuɗi, Darakta na da ikon sa shi ya biya daga aljihunsa.

Sai batun bashi. Membobi kaɗai ƙungiya ke ba rance, ba ƙanin shugaba da sunansa ba ya cikin rajista ba. A ce wani ya karɓi dubu 300, ya biya dubu 100, ya tsaya. Yana da hannun jari da ajiya na dubu 150. Ƙungiya na da ikon riƙe wannan da duk ribar da ta faɗo masa, ta cire daga bashin, saura dubu 50 ta bi shi ko waɗanda suka tsaya masa. In ya musa, ba caji ofis ake nufa ba, duk da cewa nan ƙafa ke fara kai mutane. Saɓani kan harkar ƙungiya, tsakanin memba da memba ko memba da kwamiti, Darakta ake kai wa, ya yanke da kansa ko ya naɗa mai sasantawa, wanda bai gamsu ba kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kwamishina.

Wasu na zaton in ruwa ya fara shiga jirgi, takardar ficewa za ta wanke su. Dokar tarayya ta ce alhakin bashin da ake bin ƙungiya a ranar da mutum ya fita yana biye da shi har shekara 2, haka ma dukiyar wanda ya rasu. Sauƙin shi ne, in sunan ƙungiya ya ƙare da kalmar da ke nuna alhaki mai iyaka, abin da zai hau kan memba ba ya wuce iyakar da ƙa'idoji suka yanka, galibi hannun jarin da ya ɗauka. Masu bin ƙungiya bashi ba za su zo su kwashe kayan rumfarsa ba.

Akwai kuma layi guda a fom ɗin shiga da mutane ke tsallakewa, wato sunan wanda za a miƙa wa kason memba in ya rasu. In an cike shi, ƙungiya ta san hannun da za ta damƙa wa, bayan ta cire bashin da take bin mamacin. In an bar shi fayau, kuɗin na iya zama har sai magada sun kawo shaida daga kotu. Ga Musulmi, abin da ya dace shi ne ya sanar da iyalinsa tun yana raye cewa wanda ya rubuta wakilin karɓa ne, kuɗin kuma su shiga cikin gado a raba yadda shari'a ta tsara.