Shi ne ko ita ce? Tsaka mai wuyar mai fassara waƙar Turkanci

Yau za mu leƙa Istanbul ta zamanin Daular Usmaniyya, inda mawaƙa irin su Baki, wanda ya rasu a 1600, suka yi ta rubuta waƙoƙin bege ba tare da harshensu ya tilasta musu bayyana ko namiji suke bege ko mace ba.

A Turkanci, kalma guda ce, "o", take tsaya wa shi da ita. Idan Baturke ya ce "o geldi", zuwa dai an zo, amma ko ya zo ne ko ta zo, sai dai ka duba abin da ke kewaye da maganar. Bature yana da mafita: in mawaƙi na magana da wanda yake so kai tsaye, kalmarsa ba ta bambanta jinsi. Bahaushe kuwa ko nan bai tsira ba, domin "sen" ta Turkanci dole ta zama kai ko ke.

Baturen Sikotlan ɗin nan Gibb, wanda littafinsa na tarihin waƙar Usmaniyya ya fara fitowa a 1900, galibi mace ya zaɓa a fassararsa. Sai dai baitocin kansu sukan ƙaryata shi. Mawaƙan suna yawan yabon "hat", wato gashin nan mai laushi da ke fara tsirowa a kumatun matashi. Da zarar ka ji fassara tana cewa "ita", can gaba kuma ana yabon tsiron gemu, ka san mai fassara ya yi aringizo. Mesihi ma, a waƙarsa ta birnin Edirne, sunayen samari ya jera. Malamai biyu, Andrews da Kalpakli, sun zurfafa kan wannan batu a littafinsu na 2005.

Akwai kuma hasarar da ta fi wannan. Sufaye kan karanta baiti guda su ji begen Ubangiji ko na shehi. Wanda ya rubuta "ita" ya toshe wannan ƙofa.

To, ina dabara? Hausa tana da tata. Maimakon "ya tafi" ko "ta tafi", sai a ce "an tafi an bar ni". Ko a ce "rabin raina ya tafi", tunda "ya" ɗin nan na rabin ne, bai tona kowa ba. Amma dabarar ba ta da dogon numfashi, domin baiti uku a jere da "an" sai ya koma habaici. A ganina, inda waƙa ta ba da shaida, suna ko gemu, a bi shaidar ko da ba ta yi wa mai fassara daɗi ba. Inda babu, ya zaɓa, amma ya faɗa wa mai karatu a gabatarwa cewa zaɓinsa ne, ba na mawaƙin ba.