Takardar rajista kaɗai ba ta kare ƙungiya daga haraji

Idan wasiƙar hukumar tara haraji ta iso wa ƙungiyar gama kai tana neman shaidar cewa har yanzu ta cancanci a ɗauke mata haraji, abin da shugaba kan fara yi shi ne ya zaro takardar rajista daga jaka. Takardar tana da amfani, domin ita ke nuna Daraktan Ƙungiyoyin Gama Kai ya san da zamansu. Sai dai rabin amsa ce.

Dokar harajin Najeriya ta yafe wa ƙungiya mai rajista ribar da ta samu daga hulɗa da 'ya'yanta kaɗai. Ribar cinikin da ta yi da bare ba ta cikin wannan rangwame. Saboda haka abin da jami'i ke son gani shi ne: da wa kuka yi ciniki?

A ɗauka ƙungiyar manoman shinkafa ce a yankin Kura ta sayo buhun taki 600, ta ɗora ribar naira 2,000 a kan kowanne. 'Ya'yanta sun ɗauki 450, ragowar 150 aka sayar wa maƙwabta don kada damina ta wuce yana jibge. Naira 900,000 ta farko yafaffiya ce. Naira 300,000 ta biyu kuwa kasuwanci ce, dole a bayyana ta daban. Inda ake shiga uku shi ne idan ma'aji ya zuba duka a shafi ɗaya, ya rubuta "kuɗin taki" ya rufe littafi. Jami'in da ya kasa rarrabewa yana da ikon yin ƙiyasi da kansa, kuma ƙiyasin mai karɓar haraji ba kasafai yake tausaya wa mai biya ba.

Don haka amsa mai kyau kan tafi da littafin sunayen mambobi, da kundin dokokin ƙungiya, da lissafin shekara da mai binciken kuɗi ya sa wa hannu, da bayanan banki, da rasitai masu ɗauke da lambar kowane mamba. A bi tambayoyin wasiƙar ɗaya bayan ɗaya, a kai kwafi, a riƙe na asali, a kuma sa su buga hatimin karɓa da kwanan wata. Wanda aka cusa sunansa cikin littafi jiya da dare, ranar da ya biya kuɗin shiga ce za ta tona shi.

Idan wa'adin ya yi kaɗan, a nemi ƙari a rubuce kafin ya cika. In kuma har an yanko haraji, kwana 30 ne doka ta bayar a rubuta ƙin amincewa tare da dalilai. In suka wuce shiru, adadin ya zauna.